Wane salon magana ya kamata baƙo ya fara koya?

Idan Bahaushe ya ga baƙo ya fara tsintar Hausa, abin da yakan fara cusa masa shi ne karin magana. Al'adar tsohuwa ce, har a littattafai: a 1966 A. H. M. Kirk-Greene ya tattara karin magana ɗari biyar a littafinsa Hausa Ba Dabo Ba Ne. A ganina wannan gaggawa ce. Mutum zai iya shekara a Kano yana ciniki, yana gaisawa da maƙwabta, bai jefa karin magana ko ɗaya ba, kuma ba wanda zai ce bai iya Hausa ba. Amma ba zai wuni ɗaya lafiya ba in bai san mene ne cin bashi ko shan wahala ba.

Ma'aunin da nake amfani da shi guda ne: in aka cire wannan salo, akwai wata miƙaƙƙiyar hanya da mutane suka saba faɗin abin? In babu, ko kuwa akwai amma faɗinta abin kunya ne, to a koye shi da wuri.

Da wannan ma'auni, maganganun da aka gina kan "ci" da "sha" su ne a sahun gaba. Ɗalibi ya ci jarrabawa, alƙali ya ci mutum tara, aboki ya ci amana, ƙauye na cin kasuwa ran Laraba. A ɗaya ɓangaren kuma an sha kaye, an sha rana, an sha duka. Philip Jaggar da Malami Buba sun nuna, a wani nazari da aka buga a 2009, cewa "ci" ya fi karkata ga wanda ya yi galaba, "sha" kuwa ga wanda abu ya auka wa. Wannan zare yana rage wa mai koyo hadda, sai dai yana da iyaka, domin wanda ya ci baƙar wuya ba galaba ya yi ba, wanda kuma ya sha kan matsala shi ne ya yi nasara. Sannan akwai "na sha faɗa maka", inda ba a sha komai ba, maimaici kawai ake nufi.

Sahu na biyu, wanda ma ya fi haɗari in an jahilce shi, shi ne sakaya zance. A ɗauki ma'aikaciyar jinya 'yar bautar ƙasa da aka turo daga kudu zuwa wani asibitin karkara. Mace ta zauna gabanta, ta sunkuyar da kai, ta ce ta yi ɓatan wata. Kowace kalma baƙuwar ta san ta, amma in ba a taɓa gaya mata cewa jinin al'ada ne bai zo ba, za ta iya rubuta maganin da bai dace da mai juna biyu ba. Wata za ta ce ba ta salla kwanakin nan, ba kuwa sakaci da addini take nufi ba. Mafi wuya shi ne amsar "yaya jiki?" Majinyaci zai ce "da sauƙi" ko da ko ruwa ba ya iya haɗiyewa, domin haka ladabi ya tanada. Wadda ta san wannan sai ta wuce gaisuwa ta shiga tambaya: ya ci abinci? Ya yi barci? Sau nawa ya zaga? Haka abin yake a kasuwa, inda baƙo zai taya kaya, mai kaya ya ce "albarka", shi kuwa ya zaro kuɗi yana zaton an sallama, alhali an ce masa ya ƙara ne.

Abin da za a iya jinkirtawa shi ne adon da ke da madadi. "Ya ranta a na kare" da "ƙafa me na ci ban ba ki ba" duk "ya gudu" ne, kuma wanda ya ce "ya gudu" bai yi asarar komai ba. Irin waɗannan za su zo da kansu ranar da ya fara karanta Magana Jari Ce. Sara irin ta samarin majalisa ma ba ta cancanci hadda ba, don kafin ya ƙware an yi watsi da ita.

Akwai kuma waɗanda ya kamata kunne ya gane, baki ya bari. "Ya sheƙa barzahu" da "ya riga mu gidan gaskiya" duk mutuwa suke nufi, amma na farko da izgili a cikinsa, ba a faɗinsa a zauren makoki. A nan "ya rasu" ya wadatar, sai a bi da "Allah ya jiƙansa". Haka "Allah ya isa": baƙon da ya ji sunan Allah a ciki zai iya ɗauka addu'ar alheri ce ya faɗa wa wanda ya yi masa kyauta, alhali ƙarar mutumin ya kai gaban Ubangiji.