Masu Rubuta Littafin Tunawa da Iyaye

Littafin tunawa, wato ɗan kundin da iyali ke tattara labarin mahaifi ko mahaifiyar da ta rasu domin jikokin da ba su riske ta ba, aiki ne da masu yinsa suka cancanci jinjina, musamman kan yadda suke warware matsalar shekaru, domin akasarin iyayen da aka haifa a karkara kafin 1960 ba su da takardar haihuwa.

Marubuci mai lura ba ya tambayar gwaggon da ta rage a raye shekarar auren marigayiya, sai dai ya ce, "Gwaggo, me ake ciki a gari lokacin da aka kai Inna ɗaki?" Idan tsohuwar ta amsa cewa a lokacin ne aka daina kashe fam da sule aka koma naira, to an kama bakin zaren, tunda canjin kuɗin ya faru ne a farkon 1973, idan kuma kawu ya ƙara da cewa ɗan fari yana goye ranar da aka kashe Janar Murtala, wato Fabrairun 1976, sai shaidun biyu su ƙarfafa juna. Inda suka saɓa, marubucin kirki yakan rubuta ruwayoyin duka tare da sunan mai kowacce, maimakon ya zaɓi wadda ta fi masa daɗi.

Akwai kuma tarkon kunya, domin 'ya'ya da surukai ba sa kama sunan babba, har jika ya girma bai san sunan yanka na kakarsa ba. Shi ya sa ƙwararru ke rubuta sunan yankan da laƙabin gida a shafin farko, haɗe da sunan unguwar da aka haife ta.