Gwanin da ke karanta danshin bango

A Fagge da Sabon Gari, musamman gidajen da ke kusa da rafin Jakara, ruwan ƙasa ba shi da nisa. Shi ya sa da bangon ɗakin ƙasa ya jiƙe sai a ce damina ce. Gogaggen magini ba ya saurin yanke hukunci. Yana gane asalin danshi tun bai ɗaga guduma ba, kuma wannan basira ce ke burge ni.

Yakan fara da siffar jiƙon. Danshin da ke tasowa daga ƙasa hawa yake cikin ƙofofin bulo da filasta kamar yadda kananzir ke bin lagwani. Yakan fara daga gindin bango, ya miƙe tsawon ɗakin, kuma da wuya ya wuce mita ɗaya, don iska na busar da shi yana hawa. A inda ya tsaya za ka ga zane ruwan ƙasa-ƙasa da farin gari mai kama da kanwa, wato gishirin da ruwan ya ɗauko. Yakan tsananta a watan Agusta, ya ja baya da hunturu.

Yoyon bututu kuwa wuri guda yake kamawa, galibi bangon bayi ko na kicin. Tsakiyarsa ta fi jiƙewa, kuma yana iya farawa daga sama ya gangaro. Ba ruwansa da damina ko rani.

A ce shago ne ya haɗa bango da bayin wani gida, ga shi ana cikin Janairu amma fenti na ta ɓarewa. Magini zai ce: “Alhaji, a cika tanki da magariba, a rufe duk famfuna da bututun da ke kai wa masai ruwa.” Sai ya yi alama a iyakar ruwan. A tankin da faɗinsa ya kai mita ɗaya, kowace santimita kusan lita 8 ce. Idan da asuba ruwan ya sauka santimita 5, to kusan lita 40 sun zurare a wani wuri, sai a bi hanyar bututu.

Idan ruwan bai motsa ba, sai ya koma kan bututun da ke fitar da ruwan wanka. Yakan zuba bula a magudanar, ya jira ko shuɗi zai ɓullo. Warin bangon ma shaida ne.

Maganinsu ya sha bamban. Bututu sai a fasa taku ɗaya ko biyu a sauya shi. Danshin ƙasa kuwa sai an gyara kwata, an rage ƙasar da ta taru a gindin gini, an sa shingen leda mai kauri ko kwalta a bangon. Wanda ya lulluɓe wurin da tayil bai binciko asali ba, zai ga danshin ya ɓullo a saman tayil ɗin.