Gwanintar rubuta sanarwar kwas ɗin intanet

Sanarwar kwasa-kwasan intanet ta cika wayoyin matasan Gaya da Ajingi. Mafi yawansu kusan magana ɗaya suke yi: zo ka koyi sana'ar zamani, ka fara samun kuɗi da wayarka, guraben sun kusa ƙarewa. A cikinsu akan sami ɗaya wadda aka zauna aka yi wa aiki, kuma mai irin wannan rubutu ya cancanci yabo, domin a cikin layi goma yake amsa duk tambayar da mai shirin biyan kuɗi zai yi, har da wadda bai san ya kamata ya yi ba.

A ce wata malama a Gaya tana koyar da lissafin shago ta waya. Ga irin abin da za ta rubuta:

"Kwas ɗin lissafin shago da Google Sheets, don masu shaguna da masu POS. Bayan mako 4 za ka iya rubuta cinikin kowace rana, ka fitar da ribar wata, ka san wa kake bi bashi da nawa. Za a fara Litinin, 1 ga Disamba. Darasi na zuwa ta WhatsApp ran Litinin, Laraba da Asabar bayan sallar Isha'i. Kuɗi naira 8,000, ana iya biya sau biyu. Ka tanadi data kamar giga 2 daga aljihunka. Kana buƙatar wayar Android da iya karatun boko da Hausa. Ba mu yi alkawarin aiki ba, kuma takardarmu ta shaidar halarta ce kawai. Wanda ya janye kafin darasi na uku za a mayar masa da rabin kuɗinsa."

Jimla ta biyu ita ce mafi wuyar rubutawa. Malamar ba ta ce "za ka fahimci lissafi" ko "za ka zama ƙwararre" ba, domin babu yadda za a auna waɗannan. Ta kawo ayyuka uku da mutum zai yi da hannunsa, kuma ranar ƙarshe ana iya cewa ya buɗe wayarsa ya nuna. Ko dai ya iya sa `=SUM(B2:B31)` ta tara masa cinikin kwana talatin, ko bai iya ba. Wannan jimla tana ɗaure malamar fiye da ɗalibin. Tunda ta ce zai fitar da ribar wata, dole darasinta ya raba uwar kuɗi da riba, ya kuma shigo da kuɗin haya da na cajin waya da kayan da suka lalace. Shi ya sa gwanaye ba sa rubuta sanarwa sai sun gama tsara darasi, sannan su tsamo abin da suka tabbata mai matsakaicin ƙoƙari zai iya a ƙarshe. Mai alkawarin abu goma sha biyu a mako huɗu, yawanci bai taɓa zama da ɗalibi ya ga tsawon lokacin da abu ɗaya yake ci ba.

Sai batun kuɗi, kuma a nan ne na fi ganin adalcin marubuci. Kuɗin rajista ba shi ne duk kuɗin kwas ba. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, data ta zama abin da ake lissafawa kafin a shiga kowane aji. Awa ɗaya a Zoom da bidiyo a buɗe tana iya lashe kusan giga guda, ga shi na kyauta yana katse taro bayan minti 40. Ɗalibin da ke wani ƙauye a Ajingi, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, in an ce masa darasi kai tsaye ne sau uku a mako, ya biya kuɗin abin da rabinsa ba zai gani ba. Malamar tamu ta zaɓi gajerun bidiyo da saƙon murya da ake saukewa a duba a lokacin da aka samu dama. Giga 2 da ta rubuta kuwa lissafi ne: bidiyo 12, kowanne kusan mega 100, ya kama giga 1.2, sauran na tura aikin gida ne da sake saukar abin da ya katse. Wanda ya karanta ya san jimillar abin da zai fita daga aljihunsa tun bai tura ko sisi ba. Sanarwar da ta ce "tuntuɓe mu don jin farashi" tana so ne ta fara kama mutum da hira, ta yadda kunya za ta hana shi ja da baya.

Ranar farawa ba ta da wuya, amma a nan ake gane wanda ya san mutanensa. Ana haɗa sunan rana da kwanan wata, saboda da sunan rana mutane suke tsara harkarsu. Disamba ta dace domin an gama girbi, hannu ya ɗan yi nauyi, aikin gona ya lafa. Malamar ba ta sa Juma'a ba, ranar da 'yan kasuwar yankin da dama suke wuni a kasuwar Wudil. Bayan Isha'i kuma an rufe shago, matan aure sun sauke girki. "Nan ba da jimawa ba" ba rana ba ce, kuma sau da yawa ma'anarta ita ce sai an tara isassun masu biya.

Layukan ƙarshe su ne masu talla suke gudu, domin suna korar wasu. Ai dama korar ce amfaninsu. Mai ƙaramar wayar maɓalli, da wanda bai iya karatun boko ba, da wanda aikin ofis yake nema, duk sun ga cewa kwas ɗin ba nasu ba ne. A gari irin Gaya, inda malamar za ta haɗu da ɗalibinta ko mahaifiyarsa a wajen suna ko ta'aziyya, gara mutum biyar su fasa rajista da mutum ɗaya ya riƙa cewa an ci masa kuɗi. Maganar takarda ma haka take. Digiri sai jami'ar da NUC ta amince da ita, irin Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, difloma kuma sai makarantar da NBTE ta tantance. Takardar kwas ɗin WhatsApp shaida ce cewa mutum ya zauna ya koya, kuma wanda ya bari aka ɗauke ta a matsayin abin neman aikin gwamnati ya yaudari mutane ko da bai furta ƙarya ba. Ga kuma shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta buɗe a ƙarshen 2023, inda ake koya wa matasa fasahar zamani kyauta. Duk mai karɓar kuɗi ya san za a tambaye shi me ya fi na kyauta da shi, kuma amsar malamar tana cikin sanarwarta: da Hausa ake yi, kan lissafin shagonka ne, a lokacin da ka tashi daga kasuwa.

Akwai hanyar gwada sanarwa kafin a sake ta. A tura wa mutum biyu ko uku da ba su san komai game da kwas ɗin ba, a ce su faɗi me za su iya yi in sun gama, nawa za su kashe gaba ɗaya, yaushe za a fara, da abin da ba za su samu ba. Duk inda suka yi shiru ko suka saɓa wa juna, layin nan ne yake buƙatar gyara. Bayan an saka ta ma saƙonnin da ke shigowa suna ci gaba da nuna giɓi: in mutum goma suka tambayi ko za a ba da jari a ƙarshe, to sai a ƙara layi ɗaya da ke cewa babu jari, a sake tura sanarwar kafin a karɓi kuɗin kowa.