Amsa Biyu Ta Isa: Bitar Littafin Jay Baer

A watan Satumba na 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa tumatirin gwangwani na Nagiko, wanda kamfanin Erisco ke yi, ya cika zaƙi. 'Yan sanda suka kama ta, aka kai ta Abuja, magana ta kai kotu. Maganar da za ta mutu cikin kwana biyu sai ta zagaye duniya, har mutane suka riƙa kiran a ƙaurace wa kayan kamfanin. Duk mai sana'ar da ya bi wannan labari zai gane amfanin littafin Hug Your Haters, wanda Ba'amurke Jay Baer ya wallafa a 2016 bisa binciken da ya yi da kamfanin Edison Research.

Baer ya raba masu ƙorafi gida biyu. Akwai wanda zai kira ka a waya, shi gyara yake nema. Akwai kuma wanda zai faɗa a bainar jama'a, shi yana so a ji shi ne. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya nuna cewa amsar da za ka ba na biyun ba tasa ba ce shi kaɗai. 'Yan kallo ne suka fi yawa, kuma halinka suke aunawa kafin su kawo kuɗinsu.

Mu ɗauko shawararsa mu kawo ta gida. A ce kana sayar da shinkafar Tudun Wada a Kwanar Ɗangora. Wata Hajiya ta sayi buhu biyu don bikin 'yarta, sai ta rubuta inda kowa ke gani cewa duk tsakuwa ce, kai kuma macuci ne. Zuciya za ta ce ka rama, ko ka ce maƙiya ne suka turo ta. Baer ya ce a fara da tausayawa, a amsa a fili, sannan a janye maganar gefe. Da Hausa ga yadda za ta fito:

"Salamu alaikum Hajiya. Wallahi ban ji daɗin abin da ya faru ba, musamman da yake hidimar biki ce. Ki yi haƙuri. Zan duba ko buhunan sun bi ta injin cire tsakuwa. Yau bayan la'asar zan kira ki, ko dai in canja miki su ko in mayar da kuɗinki."

Ba a taɓa kalmar macuci ba ko kaɗan. An ambaci ainihin matsalar, an faɗi abin da za a yi da lokacinsa, kuma ba a amsa laifin da ba a bincika ba tukuna. Idan Hajiya ta dawo da zafi, sai ka ƙara amsa ɗaya gajeriya, ka maimaita tayin. Daga nan ka yi shiru a fili. Wannan ƙa'ida ta amsa sau biyu kawai ita ce gwanintar littafin. Dalilinta a bayyane yake: daga amsa ta uku an bar batun shinkafa an koma cacar baki, masu kallo kuwa ba sa tantance wa ya fara, su dai sun ga ɗan kasuwa yana sa-in-sa da mai sayen kayansa.

Sai dai littafin yana da iyaka. Baer na so a amsa kowane ƙorafi, a ko'ina, kowane lokaci. Wanda ke da ma'aikata zai iya. Wanda shi ne mai awo, shi ne mai karɓar kuɗi, dole ya zaɓa, kuma gara ya fara da zargin da ya shafi amana, kamar tauye mudu ko algus. Irin wannan zargi ban haƙuri kaɗai bai wanke shi, sai an kawo buhun an auna a gaban shaidu.

Sannan yawancin misalansa na baƙi ne da ba su san juna ba. A gari irin Ƙofa ko Bebeji mai ƙorafin na iya zama surukar yayanka, ko matar wanda kuke sahu ɗaya da shi a masallaci. A nan janye magana gefe ba ya tsaya a kiran waya. Sau da yawa sai ka taka ƙafa har ƙofar gida ka yi sallama da maigidan, ko ka nemi dattijo ko sarkin kasuwa ya shiga tsakani. Idan an sasanta, ka koma inda aka yi zargin ka rubuta layi ɗaya cewa an canja buhunan, ka gode wa Hajiya, domin waɗanda suka ga farkon maganar ba su je gidan tare da kai ba.