Ƙugiyar da Ke Ɓacewa Tsakanin Mai Gyara da Maɗaba'a: Sharhi a Kan Zubin Haruffa a Fastocin Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa gyara rubutun fastar wani taro ya san cewa takardar da ya sa wa hannu daban, wadda aka manna a bango daban. Malami zai zauna ya bi kalmomi ɗaya bayan ɗaya, ya mayar wa kowane ɓ da ɗ da ƙ ƙugiyarsa, amma in fasta ta fito sai a ga ƙugiyar ta ɓace, ko kuma wata alama ta zauna a gurbinta. Galibi akan ɗora laifin a kan sakacin mai buga rubutu. Wannan maƙala tana ganin cewa sau da yawa laifin yana wani wuri dabam, wato a zubin haruffan da aka zaɓa, abin da ke rubuce da sunan `Font` a fuskar kwamfuta. Za mu duba dalilin matsalar, da alamomin da ake gane ta da su, da yadda ake tantance zubi kafin a kai aiki maɗaba'a.

2.0 Asalin Matsalar

Tun a shekarun 1930 baƙaƙe masu ƙugiya suka zauna a rubutun boko, bayan an daɗe ana nuna waɗannan sautuka da ɗigo a ƙarƙashin harafi ko da ɗan waƙafi a gefensa. A zamanin haruffan dalma, maɗaba'ar da ba ta mallaki ƙ ba ta san ba ta da shi, domin gurbinsa a akwati fanko ne. Kwamfuta kuwa takan ɓoye wannan rashi, shi ya sa ba a farga da wuri.

A tsarin Yunikod, wanda kwamfutoci da wayoyi ke aiki da shi a yau, kowane harafi yana da lambarsa. Ga lambobin baƙaƙen da suka shafe mu:

```
Ɓ U+0181   ɓ U+0253
Ɗ U+018A   ɗ U+0257
Ƙ U+0198   ƙ U+0199
Ƴ U+01B3   ƴ U+01B4
```

Idan aka lura, za a ga cewa ba gida ɗaya aka ajiye su ba. Manyan baƙaƙen duka huɗu, tare da ƙaramin ƙ da ƙaramin ƴ, suna rukunin da ake kira `Latin Extended-B`. Ƙaramin ɓ da ƙaramin ɗ kuwa suna rukunin `IPA Extensions`, cikin alamomin masana furuci. Mai ƙera zubi ba ya zana dukkan lambobin Yunikod. Yakan zaɓi waɗanda kasuwarsa ke bukata. Saboda haka ana iya samun zubin da aka rubuta cewa ya ƙunshi rukunin farko, alhali 'yan haruffa kaɗan ne aka ɗauko daga ciki, kamar ș da ț na harshen Romaniya. Ke nan sunan rukuni a bayanin zubi ba hujja ba ce. Haka nan ganin ƙ ya fito daidai bai tabbatar da cewa ɗ zai fito ba.

Fasta ta fi littafi faɗawa cikin wannan rami. Littafi yakan tafi da zubi ɗaya na karatu, irin waɗanda aka cika su da haruffan harsuna da yawa. Fasta kuwa tana son kanu mai kauri da ado, wanda za a hango daga nesa, kuma irin waɗannan zubi na ado su ne aka fi ƙera su da haruffan harsunan Turai kaɗai.

3.0 Misali Ɗaya da Alamominsa

Mu ɗauka an shirya fasta mai layuka uku, an kuma gyara ta tsaf:

TARON ƘARA WA JUNA SANI
MANYAN BAƘI
Wuri: Babban ɗakin taro, da ƙarfe 10 na safe

Mai zane ya sa layuka biyun farko cikin zubin `Impact`, wanda masu fasta ke so saboda kaurinsa, alhali ba shi da baƙaƙenmu. Abu ɗaya cikin uku zai faru.

Na farko, ɗan akwati fanko ya fito a gurbin Ƙ. Wannan ita ce cuta mai sauƙi, domin kowa zai gan ta. Haɗarinta yana cikin maganin da akan yi mata: mai zane ya goge akwatin ya sa K. Nan take MANYAN BAƘI ya koma MANYAN BAKI, an wayi gari waɗanda aka gayyato don girmamawa an yi musu ba'a a bangon gari. ƘARA kuma ya koma KARA, kamar na dawa ake nufi.

Na biyu, manhaja ta aro Ƙ daga wani zubi ba tare da ta sanar ba. Kalmar tana karantuwa, amma harafi ɗaya siriri ne a tsakiyar masu kauri, tsayinsa ya saɓa, tazararsa ta buɗe. A ƙaramin allo ido yakan wuce shi. A takarda mai faɗin kamu biyu kuwa sai ya tsaya kamar bare a tsakar gida. Hanyar gane shi ita ce a zaɓi harafin shi kaɗai a duba sunan zubinsa, ko a faɗaɗa hoton sosai a gwada kaurin sandarsa da ta harafin da ke kusa.

Na uku ya samo asali ne daga tsofaffin zubin gida da aka yi amfani da su kafin Yunikod ya yaɗu. Masu su sun yi dabara: sun zana baƙaƙen Hausa a gurbin wasu alamomin allon bugu, wasu kuma a gurbin q da x da v. Dabarar ta yi wa Hausa hidima a lokacinta, amma ƙugiyar tana jikin zubin ne kawai. Da zarar an sauya zubi sai a ga `}arfe` a maimakon ƙarfe, ko `xaki` a maimakon ɗaki. Wanda ya ga haka ya sani cewa neman sabon zubi ba zai warkar ba. Sai an sake buga baƙaƙen da lambobinsu na Yunikod.

4.0 Tantance Zubi

Gwaji mafi aminci shi ne na ido, kuma ba ya cin minti biyar. A rubuta layi ɗaya mai ɗauke da baƙaƙen takwas, manya da ƙanana, a bi shi da jimla kamar "Ɓarawo ya ɗauke ƙwarya". A manhajar `Word`, in aka buga `0199` sannan aka danna `Alt+X`, lambar za ta juye ta zama ƙ, haka sauran. Daga nan a sa layin cikin zubin da ake so. Wajibi ne a maimaita gwajin ga mai kauri da mai jirge, domin kowannensu fayil ne mai zaman kansa, kuma yana yiwuwa na ainihi ya cika, mai kaurin ya gaza.

Tun da manhaja tana iya aro harafi ta ruɗi mai gwaji, ya kyautu a leƙa cikin zubin kansa. A kwamfuta mai `Windows` akwai `Character Map`, wanda ke nuna abin da zubi ya mallaka kawai. Mai `Linux` kuwa wannan umarni zai jero masa zubin da suka cika sharuɗɗan Hausa:

```
fc-list :lang=ha family
```

Daga cikin zubin da suka ƙunshi baƙaƙen akwai `Charis SIL` da `Andika` da `Gentium Plus`, da `Noto Sans` da `Noto Serif`, da `DejaVu Sans`. Duk kyauta ake samun su. `Arial` da `Times New Roman` na sababbin kwamfutoci ma suna da su, amma tsofaffin fitowarsu ba su da su, ga shi kuwa suna ɗaya suke amsawa. Wannan ne ya sa aiki yakan yi kyau a ofis ya lalace a maɗaba'a. Don kanun fasta, dangin `Noto Sans` suna da nauyi iri-iri har zuwa `Black`, da kuma matsattsen zubi, wanda zai biya bukatar da ta kai mai zane ga `Impact` tun farko.

5.0 Samuwar Harafi da Kyawunsa

Samun harafi a cikin zubi mataki ne na farko kawai. Fasta daga nesa ake karanta ta, sau da yawa a kan tafiya. Ƙugiyar da aka zana gajera, musamman a babban Ƙ mai kauri, takan narke cikin jikin harafin, mai wucewa ya karanta K. A buga layin gwaji a takarda, a manna a bango, a ja da baya taku goma. In ba a bambance BAƘI da BAKI ba, zubin ya faɗi ko da yana da harafin. A duba kuma Ɓ da Ɗ, waɗanda ƙugiyarsu ke fita ta hagu, kada ta ci karo da harafin da ya gabace su idan an matse tazara.

Bai dace mai zane ya ɗora wa K wata 'yar lanƙwasa da hannu ba, ko ya aro đ ko ķ na wasu harsuna don sun yi kama. Yara da masu koyo daga bango suke ɗaukar siffar harafi kamar yadda suke ɗauka daga littafi. Sai kuma a tuna da bambancin ƙa'ida: Nijar tana rubuta ƴ, Nijeriya tana rubuta 'y. Fastar da za a manna a Maraɗi ko Damagaram tana bukatar baƙaƙen takwas cif. Ta Kano ko Sakkwato kuwa a kula da ɗan waƙafin da ke gaban y, domin manhaja takan juya shi ya zama alamar buɗe zance a farkon kalma.

6.0 Kammalawa

Abin da ya rage shi ne hanyar da aiki zai bi zuwa injin bugawa. Kwamfutar maɗaba'a ba lallai ba ne ta mallaki zubin da aka zaɓa. Don haka a aika aikin a matsayin `PDF` da zubin a cushe cikinsa, ko a mayar da rubutun zane, abin da `CorelDRAW` ke kira `Convert to Curves`. Sai dai rubutun da ya zama zane ba ya gyaruwa a matsayin rubutu, saboda haka a adana kwafin asali, kuma kada a yi wannan sai an kammala gyara.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, zaɓen zubi wani ɓangare ne na kiyaye ƙa'idojin rubutu, bai kamata a sakar wa mai zane shi kaɗai ba. Mai gyara ya nemi a ba shi kwafin gwaji da ya fito daga injin maɗaba'ar kanta, ya bi baƙaƙe masu ƙugiya ɗaya-ɗaya, a kanu da cikin ƙananan layuka, sannan ya sa hannu a buga sauran.