“Innalillahi, Yanzu-Yanzu”: Bashin da Kanun Bidiyo ke Ci da Sunan Tasha

Akwai wani salon rubutu da ya fi kowane littafin Hausa yawan masu karatu a yau, amma ba a cika yi masa sharhi ba saboda bai wuce layi ɗaya ba. Shi ne kanun bidiyo a YouTube. Duk mai waya ya san ƙirarsa. Ana buɗewa da salati ko “Tirƙashi”, a biyo da “yanzu-yanzu” ko “asiri ya tonu”, a ambaci sunan wani sananne, sannan a datse zancen daidai inda ya kamata a faɗi abin da ya faru. A gefe kuma ga hoton mutum yana kuka, da jar kibiya tana nuna wani abu da ba ya cikin bidiyon.

Masu wannan salo suna da kariyar da suke kafawa, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce jan hankali ba laifi ba ne, marubuta ma suna yi. Gaskiya ne. Da Balaraba Ramat Yakubu ta sa wa littafinta suna Wa Zai Auri Jahila? tarko ta ɗana wa mai wucewa ta gaban shagon littattafai, domin tambaya ce da ba ta barin mutum ya wuce salin-alin. Sai dai littafin kacokan amsar wannan tambaya ne. Mai karatu ya kai shafin ƙarshe, ya juyo bango ya sake duba sunan, sai ya ga ya fi ɗazu nauyi. Wannan shi ne ma'aunin da nake ganin ya dace da kanun bidiyo: bayan an gama kallo, a sake karanta kanun. In har yanzu gaskiya ne, sha'awa aka tayar. In ya koma ƙarya, bashi aka ci, kuma sunan tashar aka jinginar.

Wani masanin halayyar ɗan Adam, George Loewenstein, ya bayyana a 1994 cewa son sani yana tasowa ne idan mutum ya hangi giɓi tsakanin abin da ya sani da abin da yake so ya sani. Kanun kirki da na yaudara duk wannan giɓin suke buɗewa. Ɗaya yana da abin cike shi, ɗayan ba shi da shi.

Mu kawo zancen kudancin Kano, inda kalma guda za ta iya hana gari barci. A ƙaramar hukumar Bebeji ne madatsar ruwa ta Tiga take, wadda aka kammala a 1974 a kan kogin Kano, ita ce kuma ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura. A wannan ƙaramar hukumar dai madatsar Bagauda ta ɓalle a watan Agustan 1988, dattawan yankin ba su manta ba. Sannan a watan Satumban 2024 kowa ya ga abin da madatsar Alau ta yi wa Maiduguri. Saboda haka jimlar “dam ya fashe” a nan ba ado ba ce. Umarni ne: kwashe yara, kora dabbobi, nemi tudu.

A ƙaddara wani matashi mai tasha ya je Tiga a ƙarshen damina, ya tarar tafkin ya cika, rarar ruwa tana kwarara ta mafitar da aka gina domin hakan. Ya ɗauki bidiyo na minti takwas, ya zanta da masunta, ya nuna inda ruwan ya kai. Aiki mai kyau. Yanzu saura kanu. Zai iya rubuta “Innalillahi! Dam ɗin Tiga ya fashe yanzu-yanzu”, ya ɗora hoton ambaliyar Maiduguri a fuskar bidiyon. Zai kuma iya rubuta “Tiga ta cika tana tumbatsa: ina ruwan yake tafiya, kuma wa ya kamata ya damu?” Na biyun ma yana jan hankali, har da ɗan tsoro a cikinsa, amma duk abin da ya yi alkawari yana cikin mintunan takwas ɗin.

Ga lissafin, da alƙaluma na misali domin a ga yadda abin yake tafiya. A ce YouTube ta nuna kowane kanu sau 100,000. Na ƙaryar ya ja kashi 12 cikin ɗari, wato mutum 12,000 suka latsa. Cikin daƙiƙa arba'in sun gane babu abin da ya fashe, suka fita. Jimillar kallo kusan awa 133 ke nan. Na gaskiyar ya ja kashi 5 kacal, mutum 5,000, amma da yake abin da suka zo nema suka tarar, kowanne ya yi kamar minti huɗu. Awa 333 ke nan. Wanda ya fi yawan masu latsawa ya tashi da ƙasa da rabin lokacin kallo, alhali lokacin ne ake ƙirgawa: cikakken tsarin samun kuɗin talla yana neman awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu, tare da mabiya 1,000.

Ba da gangan YouTube ta zama haka ba, wuya ce ta koya mata. Kafin 2012 yawan latsawa ne ke ɗaga bidiyo, sai dandalin ya cika da hotunan yaudara. A shekarar ne kamfanin ya mayar da ma'auninsa kan tsawon lokacin kallo. Daga baya ya ƙara da tambayar masu kallo kai tsaye, su ba bidiyon da suka gani tauraro ɗaya zuwa biyar. Hatta kayan gwajin hoton fuska da ya ba masu tashoshi, Test & Compare, ba hoton da aka fi latsawa yake zaɓa ba, wanda ya kawo lokacin kallo mafi yawa yake ba nasara. Masu kanun “tirƙashi” suna fafatawa ne a gasar da aka rufe fiye da shekara goma.

Mai tasha zai iya ganin ciwon da idonsa a YouTube Studio. Ya duba Impressions click-through rate ya ajiye shi kusa da Average view duration. YouTube da kanta ta ce rabin tashoshi suna samun tsakanin kashi 2 zuwa 10 na latsawa, don haka idan bidiyo ya haura wannan amma lokacin kallonsa ya yi ƙasa warwas, ba nasara ba ce, shaida ce cewa kanun da abin da ke ciki sun raba hanya. Zanen da ke nuna inda mutane suka daina kallo ya fi fito da abin fili. Bidiyon da bai yi daɗi ba a hankali yake zubar da mutane, kamar gangaren tudu. Wanda ya yi ƙarya kuwa cikin daƙiƙa talatin na farko layin yake faɗuwa, kamar an turo mutum daga katanga.

Wannan duk hasarar bidiyo ɗaya ce. Babbar hasarar ba ta fitowa a ranar. Matar da ke Kura wadda ta kira 'yan'uwanta cikin dare saboda kanun, da direban da ya fasa ɗaukar hanya daga Kwanar Ɗangora, sun ji kunya a gaban mutane, kuma sun riƙe sunan tashar da ta jawo musu. Wasu za su danna Don't recommend channel, shi ke nan an rufe ƙofa. Mafi yawa ba za su danna komai ba, za su dai riƙa wucewa idan sun ga tambarin. Sabon bidiyo kuwa yakan fara isa ga waɗanda suka saba kallon tashar, idan su suka ƙi latsawa, na'urar ba ta da dalilin kai shi gaba. Sai mai tasha ya ga mabiya dubu ɗari a rubuce, masu kallo dubu biyu, ya ce an rufe masa tasha ta bayan fage. Maganin da yakan nema shi ne ƙara gishiri a kanu na gaba, wanda shi ne ya kawo cutar tun farko.

Mun ga ƙarshen wannan hanya a labaran mutuwa. An sha yaɗa cewa ɗan wasan Kannywood Sani Garba SK ya rasu alhali yana raye, har ya riƙa fitowa yana ƙaryatawa. Da Allah ya karɓi ransa a watan Disambar 2021, mai hankali sai da ya jira kafar da ya yarda da ita kafin ya yi ta'aziyya. Salatin da Bahaushe ke yi idan ya ji mutuwa an mayar da shi ƙugiyar kamun kifi, har ya kai idan ka gan shi a farkon kanu zargi ne ke fara zuwa maka kafin tausayi. A wurina wannan ta fi kowace hasarar kuɗin talla muni, kuma ba tashar da ta yi laifin kaɗai ke biya ba.

Yaudarar ba a kanu kaɗai take tsayawa ba. Akwai masu sa wa surutun minti uku sunan sabon kashi na Labarina ko Izzar So tun kafin Saira Movies ko Bakori TV su sake shi. Akwai masu cika akwatin bayani da sunayen jarumai talatin da ba ko ɗaya a cikin bidiyon. Wannan na biyun ma wahalar banza ce, domin YouTube ta faɗa cewa kalmomin tags ba su da wani tasiri sosai wajen gano bidiyo, cusa su a akwatin bayani kuma ya saɓa wa ƙa'idarta ta hana yaudara. Gargaɗi uku na karya ƙa'ida cikin kwana 90 suna iya rufe tasha ɗungurungum. A Disambar 2024 kamfanin ya sanar da fara cire bidiyon da kanunsu ko hotonsu ya yi alkawarin abin da babu, musamman a labarai masu zafi, ya kuma fara da Indiya.

Zan yarda da abu guda: ƙaryar tana biya ga wani rukuni. Wanda ya buɗe tasha yau da niyyar yar da ita bayan wata uku, yana watsa mahaɗinsa a zaurukan WhatsApp inda babu na'urar da ke auna gamsuwa, zai kwashi abin da zai kwasa ya buɗe wata da sabon suna. Lissafin da na yi a sama bai shafe shi ba, domin ba shi da sunan da zai ɓaci. Amma matashin Tudun Wada ko Doguwa da ke ɗaukar farashin masara a kasuwa, ko halin da hanyar dajin Falgore take ciki, ko aikin ma'adinai a Riruwai, ba ya cikin wannan rukuni. Masu kallonsa ba su da yawa, sun san gidansu, kuma da kuɗinsu suke sayen datar da suke kallonsa. Matsayinsa ɗaya da mai tura finafinai a rumfar cajin waya: ya tura wa mutum fayil mai sunan sabon fim a tarar tsoho ne, gobe mutumin zai dawo da katinsa a hannu, a gaban jama'a. Ranar da aka tare hanya a Falgore da gaske, ko ruwa ya yi barazana da gaske, direban da ke lodi a tashar Tudun Wada zai duba sunan wanda ya ɗora labarin kafin ya yanke shawarar tayar da mota.