Almubazzarancin Emoji da Haƙƙin Mai Karatu da Kunne

Daga cikin al'adun da suka yaɗu a rubutun zamani har aka daina ganin aibinsu, akwai jera ƙananan hotunan nan da ake kira emoji, goma ko ashirin a saƙo guda, alhali kuwa akwai jama'a masu yawa, makafi da masu raunin gani, waɗanda kowane hoto daga ciki yake zame musu kalmomin da tilas su saurara. Ina ganin wannan israfi ne da ake yi da lokacin wani, kuma galibin masu yin sa ba su san da shi ba.

Asalin mas'alar shi ne, emoji a wurin na'ura harafi ne mai lamba, kamar sauran haruffa. Tun shekarar 2010 da ƙungiyar Unicode ta shigar da ɗaruruwansu cikin ƙa'idarta, kowanne yana da lambarsa da sunansa. To, manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke kan allo, ko TalkBack ce a wayar Android, ko VoiceOver a iPhone, ko NVDA da JAWS a kwamfuta, idan ta iso kan emoji sai ta faɗi sunansa, domin ba ta da wata hanyar isar da shi. Fuskar nan mai dariya har da hawaye, 😂, sunanta "face with tears of joy", kalmomi biyar cur. Idan kuma hoton hannu ne wanda aka zaɓar masa launin fata, sai a ƙara bayanin launin a bayan sunan.

Mu ɗauki misali. Sakataren wata ƙungiya yana son sanar da cewa "An ɗage taro zuwa Asabar", amma saboda yana son ƙarfafa maganar sai ya sa 👏🏾 bayan kowace kalma, kamar yadda ake yayi. Mai gani zai ɗauke saƙon da kallo ɗaya, domin ido yana tsallake abin da bai buƙata. Kunne kuwa ba ya tsallake, dole ya bi magana daki-daki yadda ta zo. Abin da makaho zai ji shi ne "An", sannan "clapping hands, medium-dark skin tone", sannan "ɗage", sannan wancan dogon suna kuma, haka har sau biyar, ta yadda jimla mai kalma biyar za ta koma wajen kalma talatin, kuma kafin a kai ga "Asabar", wadda ita ce maƙasudin saƙon, "ɗage" ta riga ta nutse. Ga mai karanta Hausa wahalar ninki ce, saboda sau da yawa muryar Turanci ce ke furta masa kalmomin Hausa a karkace, yana cikin ƙoƙarin fahimtarsu kuma sunayen Turanci suna ratsa su. Illar da ta fi tsawaitawa muni ita ce yanke ma'ana, tamkar mai wa'azin da maroƙi ke katse shi bayan kowace kalma.

Mafi nauyi a kan mai sauraro shi ne emoji da mutum ya liƙa a jikin sunansa, domin ana iya maimaita masa su duk lokacin da mai sunan ya yi magana a zaure.

Na san hujjar da ake kawowa, kuma ba ta rasa gaskiya ba. Ana cewa wasu manhajojin suna dunƙule alama ɗaya da aka maimaita su faɗi adadinta kawai, kuma mai amfani da VoiceOver ko NVDA yana iya rage karatun emoji daga saitinsa. Haka ne, sai dai dunƙulewar ba ta aiki idan an cakuɗa zuciya da fure da wuta, ko an raba su da kalmomi, kuma ba kowace manhaja ke yin ta ba. Kashe su gaba ɗaya kuwa yana da tasa hasarar, domin wanda ya amsa gayyata da 👍 kaɗai, ko ya sa hoton gida a madadin kalmar "gida", ya bar makaho da jimla mai giɓi. Bugu da ƙari, makafi da yawa suna son emoji, suna aika su, kuma suna gane raha daga fuska ɗaya mai murmushi a ƙarshen magana. Ba adalci ba ne a ce su zaɓi tsakanin hayaniya da rashin jin komai.

Saboda haka abin da nake ganin ya wajaba a kan marubuci kaɗan ne: ya kammala maganarsa da kalmomi tukuna, ya ajiye emoji ɗaya ko biyu bayan aya, kada ya sa shi a matsayin kalma ko a tsakiyar jimla, musamman a sanarwar jana'iza, ɗaurin aure ko taro, inda rana da lokaci suke da muhimmanci. Wanda yake son ya tabbatar, ya goge emojin duka ya duba ko saƙon ya cika ba tare da su ba, sannan ya kunna TalkBack ko VoiceOver a wayarsa ya saurari saƙon tun daga farko har ƙarshe kafin ya tura.